Tarihin Rayuwata, Kashi na Sha Huɗu: Katangar Gidan Kawu

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da na ajiye kyamarar fim na sayi ta zamani, don haka ba zan sake komawa kan wahalar kai fim wanki Kano ba. Kawu, kamar yadda kuka sani, shi ne ya hana ni auren Zinatu, yana cewa ɗaukar hoto ba sana'a ba ce, domin a cewarsa mai hoto ba ya ƙara wa kowa komai, abin da ya tarar shi yake ɗauka. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai.

A shekarar 2008 na sayo tsohuwar kwamfuta a Titin Beirut da ke Kano, kuma yaron shagon ya saka mini manhajar gyaran hoto ta Photoshop 7.0 a ciki. A gabana ya yanke hoton wani ɗan acaɓa ya ɗora shi a gaban dogayen benaye, sai na ji jikina ya yi sanyi, saboda ni duk abin da na mallaka a lokacin labule ne guda mai zanen korama da bishiyar dabino, wanda kowace amaryar garinmu ta tsaya a gabansa har ya koɗe.

Aikin farko da na gwada a kai shi ne bikin Ladidi, autar Kawun. An ba da ita ga wani ma'aikaci a Kano, kuma hotunan kamu duk a tsakar gida na ɗauke su, ga jar katangar ƙasa da damina ta zaizaye, ga turken awaki a gefe. Inna ce ta same ni da daddare ta ce, "Ɗan nan, dangin miji 'yan birni ne, ba yadda za a yi a ɓoye katangar nan?" Na ce mata za a yi, in Allah ya yarda.

Da farko na gwada Magic Wand, wanda yake zaɓar launuka masu kama da juna, amma leshin Ladidi ruwan ƙasa ne mai ratsin gwal, sai ya riƙa haɗawa da kafaɗarta yana cinyewa tare da katangar. Dole na koma ga Pen Tool, na ƙara girman hoton na bi gefen jikinta ɗigo bayan ɗigo, tun daga ɗaurin kallabi har yatsun da aka yi wa lalle, sannan na sa Feather a kan 1 don kada bakin yankan ya yi kaifi kamar an bi shi da almakashi. Mayafin ne ya fi ba ni wuya, domin shara-shara ne, jan katangar yana lekowa ta cikinsa ko bayan an yanke. Sai da na rage Opacity, wato ƙarfin magogi, na bi shi a hankali kafin jan ya dusashe. Tun daga wannan biki ba na zuwa gidan amarya ba tare da farin yadi yadi uku ba, in sa yara su riƙe mini a bayanta.

Na ɗora ta a wani falo mai kujerun alfarma, amma ido ya ƙi yarda da hoton. Rana ta bugi fuskarta daga dama, tagar falon kuma tana hagu. Na juya falon da Flip Horizontal, haske ya daidaita, sai dai agogon bangon ya koma a birkice, na goge shi gaba ɗaya. Duk da haka ta kasance kamar ba ta taka ƙasa, har na gane cewa babu inuwa a ƙarƙashin takalminta, na zana ta da baƙi mara ƙarfi. Yaran yanzu da suke yin wannan a waya da taɓawa ɗaya, in kun duba ƙafar amaren nasu za ku ga yawancinsu a sama suke shawagi, kuma ba sa ganin laifin hakan.

Albam ɗin ya zaga gidajen garin kafin ya tafi Kano, kuma kafin ƙarshen kaka amaren ƙauyukan da ke kewaye da mu duk falo suke nema, wasu ma har da mota a ƙofar gida. Na ninka kuɗin aiki, ba wanda ya yi ƙorafi. Wani ango ya nemi in sa shi a gaban Ka'aba, na ƙi, saboda bai je ba kuma mutane za su fara kiransa Alhaji.

Kawu da ya ce ba na ƙara wa kowa komai, shi ne ya riƙa nuna albam ɗin a zaure, yana cewa aikin ɗansa ne. Bai biya ni ko kwabo ba, ban kuma tambaya ba, amma kuɗin man janareto har yau yana rubuce a littafina. A mako mai zuwa zan kawo yadda dangin angon suka zo gaisuwar sallah suka nemi a nuna musu falon.