Yadda na gano abin da ya rage ribar jarin wani kamfani

A farkon 2024 aka ba ni lissafin wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano domin in bayyana wa masu shi abin da ya ɗaure musu kai: ciniki ya ƙaru, riba ta ƙaru, amma abin da kowace naira ɗari ta jarinsu ke haifarwa ya sauko daga naira 24 zuwa 18. Yawancinsu sun ɗauka tsadar kaya ce ta cinye ribar.

Na bi hanyar da ta samo sunanta daga kamfanin DuPont na Amurka, wadda ke raba ribar jari gida uku. Ana raba riba da ciniki a sami kason riba, a raba ciniki da kadara a ga saurin jujjuyawarta, sannan a raba kadara da jari a ga nauyin bashin da ke kan kamfanin. Idan aka ninka ukun, ribar jari ce za ta fito.

A 2022 an yi cinikin naira miliyan 600, aka ci ribar miliyan 48, da kadarar miliyan 300 da jarin miliyan 200, wato kashi 8 sau 2 sau 1.5, wanda ya ba da 24. A 2023 ciniki ya kai miliyan 720, riba miliyan 54, amma kadara ta haura zuwa miliyan 480, jari kuma miliyan 300, wato kashi 7.5 sau 1.5 sau 1.6, wanda ya ba da 18.

Daga nan na riƙa sauya lamba ɗaya ina barin sauran yadda suke a 2022. Raguwar kason riba kaɗai da ta tsayar da sakamakon a 22.5, alhali raguwar jujjuyawar kadara ita kaɗai ta kai shi 18. Da na shiga sito, sai na tarar da katan-katan na sabulu an jibge har rufi, an saye su don gudun tashin farashi, littafin bashi kuma cike da sunayen 'yan sari da suka wuce wa'adin biya. A nan mafi yawan miliyan 180 ɗin da kadara ta ƙaru da su suka kwanta.

Abin da ya fi damuna shi ne lamba ta uku, domin da nauyin bashi bai tashi zuwa 1.6 ba, da ribar jarin ta faɗi ƙasa da 17. Bashi ya rufe wani ɓangare na raunin ne kawai, kuma kuɗin ruwansa zai dawo ya zaftare kason riba, saboda haka lambobin uku ba sa rabuwa da juna sarai. Na kuma koyi cewa dole a yi amfani da ma'auni ɗaya a shekarun biyu, ko kadarar ƙarshen shekara ko matsakaicinta, in ba haka ba kwatancen ya lalace. Shawarar da na ba su ita ce su dakatar da sabon sari har sito ya ragu, su kuma taƙaita wa'adin bashin 'yan sari kafin su taɓa farashi.