Kalmar da na daina bari a wasiƙar ɗalibi zuwa ga malaminsa

A cikin saƙonnin da ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Kadpoly suke kawo mini in mayar musu imel na ladabi, wanda ya fi buƙatar kulawa shi ne na tambayar maki. Yawanci da Turanci ake turawa, amma ba nahawu ne ke kayar da shi ba. Ɗalibi yakan rubuta yadda yake rubuta wa abokinsa a WhatsApp: "Slm malam ya aiki, na ga an ba ni F a kwas ɗinka kuma na yi ƙoƙari wlh, don Allah a taimaka."

Abu na farko da aikin nan ya koya mini shi ne "a taimaka" ba ta da wurin zama a irin wannan wasiƙa. A wajen ɗalibi tawali'u ne. A wajen malami kuwa roƙon ƙarin maki ne a rubuce, kuma malamin da ke tsare mutuncinsa ba zai amsa ba, don kada amsar ta zama hujja a kansa. Sai ɗalibin da yake da gaskiya ya ɗauki kariyoba saboda kalma ɗaya. Wannan yana yi mini ciwo, domin sau da yawa kuskuren tattara maki ne kawai.

A ɗauki misali. Ɗaliba ta ga 38 a sakamakonta, wato F, tunda ƙasa da 40 faɗuwa ce. Kwas ɗin maki 40 ne na CA, wato gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango, 60 na jarrabawa, kuma a takardar da aka manna a allon sanarwa ta sami 27 a CA. Kafin a rubuta harafi ɗaya sai a yi lissafi da ita. In an haɗa CA ɗin, to 11 kacal ta samu a jarrabawa. In kuma ta tabbata ta amsa tambayoyin da kyau, akwai yiwuwar 38 ɗin na jarrabawa ne kaɗai, an bar CA a baya. Haɗa su zai ba da 65, wato B. Wannan lissafi shi ne ƙashin bayan wasiƙar.

A layin take a sa lambar kwas, lambar rajistarta da abin da ake nema: neman a duba makin CA. Malami yana da ɗaruruwan ɗalibai, kuma da lambar rajista yake neman mutum a takardarsa, ba da suna ba. Gaisuwa ta zo da muƙaminsa daidai, Dakta ko Farfesa, a duba yadda aka rubuta a ƙofar ofishinsa. Akwai waɗanda kiran su "Malam" kawai ya isa su rufe saƙon. Ban ga adalci a hakan ba, amma ɗalibi ne zai ji jiki, don haka a kiyaye. Daga nan gundarin magana:

"Sunana wance, 'yar aji biyu a sashe kaza. A sakamakon zangon farko na ga maki 38 a wannan kwas. A jerin CA da aka manna na sami 27, kuma na haɗa hotonsa da wannan saƙo. Ina roƙon a duba ko an shigar da makin CA ɗin cikin jimillar. In akwai lokacin da ya dace in zo ofis, zan zo. Na gode."

Babu "an zalunce ni", babu "ƙawata da muka yi karatu tare ta sami A", babu rantsuwa. Wasiƙar ba ta ce an yi kuskure ba, ta nemi a duba ne, kuma hakan ya bar wa malami hanyar gyarawa ba tare da jin kunya ba.

Wasiƙa mai kyau ma tana da iyakarta. In majalisar makaranta ta riga ta amince da sakamakon, malami shi kaɗai ba zai iya canza shi ba. Sai an rubuta takarda ta hannun jami'in jarrabawa zuwa ga shugaban sashe. Kuma kada a saka shugaban sashe a kwafin imel na farko, domin malami zai ɗauka an kai ƙararsa ne. A jira kwana uku zuwa biyar na aiki, a tura tuni na layi biyu a ƙarƙashin saƙon farko, sannan a matsa gaba.

Neman ƙarin lokacin miƙa jinga ya fi sauƙi. A tura kafin wa'adi ya cika, a faɗi dalili a jimla ɗaya, rashin lafiya ko rasuwa, a haɗa takardar asibiti in akwai. A maye gurbin "a ɗan ƙara mini lokaci" da rana takamaimai, misali daga Litinin zuwa Alhamis, a kuma faɗi inda aikin ya tsaya. Rashin wuta ko data ba ya cin nasara, tunda duk ajin a haka suka miƙa nasu.