Kafin ka naɗi littafinka da murya, tsaya a babi na ɗaya

Ɗan ƙanwata ne na iske a zauren gidansu nan Garwa, ya jingina waya da kofin shayi, fanka tana ta juyi a kansa, masu moto suna wucewa a ƙofa, wai littafin da ya rubuta yake karantawa zai ɗora a intanet a saya. Na ce babi nawa ka yi? Ya ce "Kawu ai saura uku, in na gama sai na tura wa abokina ta WhatsApp ya haɗa min." Wallahi sai da gabana ya faɗi, don sak abin da na yi kenan.

Nawa littafin kalma wajen dubu 42 ne. Ban naɗa babi babi ba, duk inda na gaji nan fayil ya ƙare, wani a tsakiyar babi na huɗu, wani ya haɗiye babi biyu da rabi. Yau a ɗaki, gobe a shago, jibi da dare. Kuma ba ganganci na yi ba fa, wa zai nuna min? Sannan zafin Garwa a watan Afrilu ya wuce digiri 40, ka ce mutum ya kashe fanka ya rufe taga ya yi awa yana karatu, ai sai wanda bai dandana ba. Amma dai dokokin naɗin littafin murya a rubuce suke, ni ne ban buɗe ba sai da na gama.

Da na buɗe na ACX, shafin da Audible, kamfanin sayar da littattafan murya, ke karɓar littafi ta hannunsa, abu na farko ma mu ba za mu iya yin rajista ba, sai mazauna Amurka, Birtaniya, Kanada da Ayalan. Sai dai kamfanonin da ke rarraba littafin murya kusan ma'auninsu ɗaya ne da wannan. Kowane babi fayil ɗinsa daban kuma kar ya wuce minti 120, buɗewa da rufewa inda ake faɗin sunan littafi da marubuci da mai karatu su ma daban, MP3 mai 192 kbps ko sama da haka a 44.1 kHz, da ɗan shirun ɗaki a farko da ƙarshe wanda bai wuce daƙiƙa 5 ba. Waɗannan duk na gyara da yanka da liƙi a Audacity, manhajar gyaran sauti. Wanda ya kashe aikin shi ne ƙarfin murya da ƙarar ɗaki.

Ana son murya ta zauna tsakanin -23 da -18 dB a ma'aunin RMS, wato matsakaicin ƙarfin sauti, ƙarar ɗaki kuma ta yi ƙasa da -60. Tawa muryar tana wajen -30 saboda wayar ta yi nisa da bakina, fanka tana -58. Na ƙara 10 don murya ta kai -20, ai kuwa fanka ta biyo ta zuwa -48, tunda tare suke a fayil ɗaya. Na danna Noise Reduction, maɓallin rage ƙara, da ƙarfi, fanka ta tafi, muryata ta koma kamar mai magana cikin tulu. Aikin nan haka na zubar da shi, har yau ina jin zafinsa.

Ga kuma gudu. Awa ɗaya ta littafin murya takan ci kalma wajen 9,300, wato kusan 155 a minti, nawa ya kamata ya kai awa huɗu da rabi, ya tsaya a uku da ɗan abu. Na ɗauka ƙwarewa ce irin ta masu labarai a rediyo, ashe mai saurare bai gane wa ke magana a hirar taurarin ba saboda ban bar musu numfashi ba.

Na so in jero muku shawara da yawa amma ku yaran yanzu wa ke karanta dogon abu, komai sai yau yau. To naɗi babi ɗaya tak, a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, makirfo kamar taƙi ɗaya daga bakinka, fanka a kashe. Ka yi shiru na daƙiƙa goma ka auna shirun. In bai yi ƙasa da -60 ba bayan ka daidaita murya, kar ka taɓa babi na biyu, canza ɗaki ko ka koma bayan sallar asuba kafin gari ya tashi. Kuma kar ka tura fayil a matsayin saƙon murya, WhatsApp matse shi yake yi, abin da ya zube ba ya dawowa.

Ka sa agogo ka ƙirga kalmomin minti ɗaya, ka rage gudu. Ko da yake kar ka biye wa 155 ɗin nan ido rufe, da Turanci aka auna shi, Hausa cike take da ƙananan kalmomi irin su ya da ta da na, in ka ja su da yawa barci za ka sa mutane. Ba wa mahaifiyarka ta saurara tana aiki, duk inda ta ce "wa ya faɗi haka?" nan ka yi sauri, sake wurin.