Daga bakin bohol zuwa randa: yadda wata ɗalibata ta samu batun bincikenta

Ɗaliban ajin ƙarshe da ke zuwa ofishina neman batun furojet, yawancinsu batu uku suke kawowa a rubuce, kuma da wuya ka ga wanda ba daga tsofaffin kundayen laburare aka kwaso shi ba. Wata ɗalibata a fannin nazarin ƙananan halittu ita ma haka ta fara. Ta kawo "Ingancin ruwan sha a Jihar Kano", na ce mata wannan aikin hukuma ne mai motoci da ma'aikata. Ta koma ta kawo wani a kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, amma kayan gwajin da yake buƙata ba mu da su, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin aljihun babanta. Abokan karatunta har sun fara babi na ɗaya, ita ko take ba ta da shi.

"Malam, don Allah ka zaɓa min kawai, ko mene ne zan yi," in ji ta.

Na ƙi, saboda na sha ganin ɗalibin da aka zaɓa wa batu ya tsaya gaban malamai ranar kare kundi ya kasa faɗin dalilin yin aikin. Na ce ta je gida ta riƙa rubuta duk abin da ta gani wanda ya sa ta tambayi kanta "me ya sa?", ta dawo min da littafin.

A Ɗorayi take zaune, unguwar da gidaje da yawa ruwan 'yan garuwa suke sha. Abin da ta rubuta a shafi na biyu shi ya tsayar da ni. Ta ga mai garuwarsu yana juye ruwa, ta leƙa cikin jarkar ta hango gansakuka kore a gindinta. Wasu jarkokin ba su da murfi, leda aka cusa a bakinsu. Da ta yi masa magana sai ya ce, "Hajiya, ruwan bohol ne fa, tas yake fitowa." Ita kuma ta rubuta a ƙasa: idan ruwan tas yake fitowa, tas yake isa bakinmu?

Na ce mata ga batunki nan. Abin da ya bambanta shi da na farko shi ne akwai kwatanci a cikinsa. Ruwa ɗaya ne yake bin zango uku: bakin bohol, jarkar da ke kan kura, sai randar gida. Tambayar ta zama: a wane zango ƙazanta take shiga? Wannan tambaya ce da ɗalibi ɗaya zai iya amsawa a zangon karatu ɗaya, da kayan da ke ɗakin gwajinmu.

Ma'aunin ma a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a samu ƙwayar E. coli ko guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha ba. Ita wannan ƙwaya a hanjin mutum da na dabba take zama, don haka ganinta a ruwa alama ce cewa bayan gida ya taɓa shi ta wata hanya, kuma ƙofar da ta shigo ta nan masu kawo kwalara da taifot za su iya bi.

Ta zaɓi bohol biyar, a kowanne kuma ta bi masu garuwa biyu har gidan da suka kai ruwan. Kafin ta fara sai da ta gaida mai unguwa da shugaban 'yan garuwar wurin, domin mutum ya ga baƙuwa da kwalabe da littafi, abin da zai fara zuwa ransa shi ne hukuma ce ta turo a hana shi sana'a. Ta yi musu alkawarin ba za ta rubuta sunan kowa ba, kuma ta cika.

Kwalaben ana dafa su a tukunyar kashe ƙwayoyi a zafin digiri 121 na minti 15. A bakin bohol za ta goge famfon, ta bar ruwan ya zuba na ɗan lokaci, sannan ta tara ba tare da yatsanta ya taɓa bakin kwalbar ba. Daga nan sai cikin kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji kafin awa 6 ta cika. Idan ruwan ya wuni a zafin Kano, adadin ƙwayoyin zai canza a cikin kwalbar, sai ka auna abin da ba shi mutane suka sha ba. A ɗakin gwaji ana tace mililita 100 ta wata 'yar takarda mai ƙofofin da ƙwayoyin ba sa iya wucewa, a ɗora takardar a kan abincinsu, a ajiye a digiri 44 na kimanin awa 18. Kowace ƙwaya irin E. coli da ta maƙale za ta hayayyafa ta zama ɗigo rawaya da ido ke gani, sai a ƙirga.

A zagayen farko abubuwa biyu suka ba ta matsala. Takardar da aka tace ruwan randa da ita ta cika da ɗigo har sun haɗe, ba a iya ƙirgawa. Maganin wannan shi ne a tace mililita 10 kawai a ninka sakamakon sau goma: idan an ga ɗigo 35, ke nan akwai 350 a mililita 100. Na biyun ya fi tsanani. Ta lura cewa matan gida ba sa jiran randa ta ƙare, a kan ragowar ruwan jiya ake juye na yau. To wannan ruwan na wa za a ce? Nan ta gyara tsarin da kanta: ta riƙa ɗibar ruwan randa kafin a juye sabo, ta sake ɗiba bayan wasu awanni, ta kuma rubuta ko randar tana da murfi da inda ake ajiye moɗa. Ni abin da na ƙara mata shi ne kwalbar ruwan da aka riga aka kashe ƙwayoyinsa, ta yi yawo da ita cikin kular a gwada ta tare da sauran. Ranar da wannan kwalba ta fitar da ɗigo, hannunta ne ko kayan aikinta suka kawo ƙazantar, sakamakon ranar duka sai a zubar.

Ta shiga aikin tana zargin jarka. Sakamakon bai wanke jarka ba, musamman marasa murfi, amma ya nuna cewa ruwan yakan fito daga bohol da tsabta ko kusa da haka, kuma inda ya fi lalacewa shi ne cikin gida, a randa mai faɗin baki da yara ke tsoma moɗa da hannu. Da ta koma laburare da wannan a hannunta, sai ta tarar an ga irin haka a ƙasashe da dama, karatun da a da yake mata nauyi ya zama neman amsar abin da ta gani da idonta.

Ranar kare kundi wani malami ya tambaye ta ko za ta iya cewa ruwan randa ne ke jawo gudawar yara a unguwar. Ta ce a'a, ita ruwa ta auna, ba ta duba lafiyar kowa ba. Ta ƙara da cewa da rani ta yi aikin, a bohol biyar kawai, kuma da damina, lokacin da kwatoci ke ambaliya, ruwan bohol ɗin kansa yana iya ba da wani sakamako dabam. Wani ɗalibi na ajin da ke bayanta ya ɗauki wannan tambaya ta damina, yanzu haka ita yake bi a bohol ɗin nan biyar.