Canjin jirgi a Paris: ku kula da alluna

Ƴan uwa ƴan Maradi masu canjin jirgi a filin Charles de Gaulle na Paris, ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa mutum ya rasa jirginsa shi ne bin allon da ba nasa ba.

A ce ka sauka a Terminal 1, jirginka na gaba zai tashi daga 2E. In tikitinka guda ne kuma kayanka sun wuce har ƙarshen tafiya, bi allon Correspondances. Zai kai ka ga motar da ke zagayawa ta ciki, ba sai ka shiga ƙasar Faransa ba. In ka bi Sortie kuwa, a gaban ƴan sandan iyaka za ka tsinci kanka, kuma babu biza babu wucewa.

Mai tikiti biyu daban, tilas ya fita ya ɗauki kayansa, sannan ya hau CDGVAL, ƙaramin jirgin ƙasa maras direba. Kyauta ne, kamar minti 8 zuwa Terminal 2. Tsakani yana tsayawa sau uku, kada ka yi gaggawar sauka. Amma fa minti 8 ɗin nan yaudara ce, don bayan ka sauka akwai tafiyar ƙasa, ba da kaya, ƴan sanda, sai bincike. Awa biyu ma sai da kyar.

Shi kansa 2E zaure uku ne, K, L da M, da wani ɗan jirgin ƙasa tsakaninsu. Duba harafin ƙofarka a allo kafin ka shiga layin bincike, don lambar da ke kan takardarka tana iya canzawa.