Wasiƙar neman sassaucin bashin banki: abin da na koya bayan an mayar mini da ta farko

Ƙannena masu shago, duk wanda ya ci bashin banki a cikinku ya san ranar biya ba ta duba ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Idan kasuwa ta tsaya wata da watanni, akwai hanyar da bankin kansa ya sani, wato ka rubuta masa wasiƙa ka nemi a sake tsara biyan, a rage abin da kake bayarwa duk wata, a ƙara maka lokaci. Ni na bi wannan hanya a makare, kuma da farko na bi ta ba daidai ba.

A ƙarshen 2022 na karɓi rancen naira 1,200,000 daga wani ƙaramin banki don in cika shagona na kayan masarufi a Kano. Za a biya cikin wata 12, da kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari duk wata a kan ainihin abin da na karɓa. Wato duk wata uwar kuɗi 100,000, ruwa 36,000, jimla 136,000. A lokacin ina cinikin kusan naira 2,500,000 a wata, ribar da ke ciki wajen kashi 12 cikin ɗari, wato 300,000. In na cire haya da albashin yara da mai da cefanen gida, 155,000, saura 145,000. Da kyar yake rufe biyan, amma yana rufewa. Sai ƙarancin takardun naira ya zo a farkon 2023, mutane suna da kuɗi a asusu amma babu na riƙewa a hannu, kafin a farfaɗo kuma aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu. Cinikina ya sauko zuwa 1,800,000.

Kuskurena na farko shi ne shiru. Wata na huɗu da na biyar na biya cif, amma daga cikin jari na zara. Kuɗin da ya kamata in kai Kasuwar Singa in saro taliya da sukari da madara shi na miƙa wa banki. Kanta ta fara zama wayam, mai saye ya zo bai samu ba ya wuce gaba, ciniki ya ƙara raguwa. A wata na shida na kasa, na daina ɗaga wayar jami'in da ke kula da bashina saboda kunya. Alamar da ya kamata ta tashe ni tun farko ita ce ranar da na fara biyan banki da kuɗin sari. A ranar ya kamata in rubuta wasiƙar, tun sunana yana cikin masu biya a kan kari.

Dalilin da ya sa lokaci yake da muhimmanci yana cikin littafin bankin. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, bashin bankin kasuwanci da ya yi kwana 90 ba a biya ba ana lissafa shi cikin waɗanda suka lalace, ƙananan bankuna kuma tun kafin nan suke fara ƙirga maka. Da zarar bashi ya shiga wannan sahu, dole banki ya ware wani kuɗi daga ribarsa saboda yiwuwar asara, a kai sunanka wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, shi ma jami'in da ya kawo ka ya sha tambaya. Saboda haka shi kansa ya fi son bashin da aka sake tsarawa ana biya a kan wanda ya tsaya cik. Mutumin da nake gudu shi ne wanda zai ɗauki takardata ya kare ta a gaban kwamitin ba da rance.

Da na rubuta wasiƙar farko, shafi biyu na cika da labarin halin da ƙasa take ciki, da yawan iyalina, da roƙon a dubi Allah a tausaya mini. Babu lamba ko ɗaya a ciki sai ta wayata. Jami'in ya karanta, ya ce, “Alhaji, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma me zan ce wa kwamiti kana nema? Nawa za ka iya biya, kuma daga yaushe?” Ban da amsa, domin ban taɓa zama na lissafa ba.

Kafin ka ɗauki biro, wannan lissafin za ka fara yi, kuma ka yi shi da cinikin watannin da suka fi muni. Nawa ya kasance haka. Ribar 1,800,000 ita ce 216,000. Na sallami yaro ɗaya, na rage kunna janareta, na matse cefane, kashe-kashe suka dawo 130,000. Saura 86,000. Uwar kuɗin da ta rage a kaina 700,000 ce. In aka raba ta wata 14, duk wata 50,000. In aka ɗora ruwan kashi 3 a kan 700,000 ɗin, 21,000 ke nan. Jimla 71,000, ya bar mini rarar 15,000 saboda watan da zai zo da gardama. Kada ka yi alkawarin duk abin da ya rage maka don ka burge manaja. Wanda aka sassauta masa ya sake kasawa, da wuya a ƙara sauraronsa.

Ga yadda wasiƙa ta biyu ta kasance. A bankunanmu da Turanci ake miƙa ta, amma da Hausa na fara rubutawa, sannan aka juya mini, aka karanta mini layi-layi kafin in sa hannu. A sama akwai kwanan wata, da sunana da na shago, da lambar asusu, aka nufe ta ga manajan reshe. Kanta kuwa “Neman sake tsara biyan rance”.

“Ranka ya daɗe, na karɓi rancen naira 1,200,000 daga wannan reshe a Nuwamba 2022, na biya kashi biyar a kan lokaci. Ban biya kashi na shida ba. Uwar kuɗin da ta rage naira 700,000 ce.

“Daga Janairu zuwa yau cinikin shagona ya ragu daga kimanin naira 2,500,000 zuwa 1,800,000 a wata, saboda ƙarancin kuɗi a hannun masu saye da tsadar sufuri. Na rage kashe-kashena daga 155,000 zuwa 130,000. Abin da yake rage mini yanzu 86,000 ne a wata.

“Ina roƙon a raba ragowar 700,000 zuwa wata 14, a lissafa kuɗin ruwa a kan wannan ragowar, in riƙa biyan naira 71,000 duk ranar 28 ga wata, farawa daga wata mai zuwa. Na zuba naira 36,000 a asusuna yau, kuɗin ruwan watan da na tsallake. Ina kuma roƙon a yafe mini tarar jinkiri. Na haɗa da bayanin asusuna na wata shida, da kwafin littafin ciniki, da rasitan sari. A shirye nake a zo a duba shagon duk ranar da kuka ga dama.”

Shi ke nan, shafi ɗaya. Ban ɓoye watan da na tsallake ba, tunda yana gabansu a kwamfuta. Dalilin faɗuwar ciniki jimla ɗaya na ba shi. Kuɗin da na zuba a ranar kuwa, jami'in ya ce mini shi ya fi komai sauƙaƙa masa magana a kwamiti.

Wurin da na sha wuya shi ne shaida. Yawancin cinikina hannu da hannu ne, a lokacin ƙarancin kuɗi kuma masu saye suna tura kuɗin ta wurin mai POS da ke maƙwabtaka da ni, ko ta asusun ƙanena. Bayanin asusuna sai ya nuna kamar shagon ya mutu, alhali yana motsi. Banki yana son ya ga abu biyu tare: ciniki ya ragu, amma bai tsaya ba. Littafin da nake rubuta cinikin kullum da rasitan diloli su suka cece ni. In ba ka da irin wannan littafi, ka fara yau, kuma ka riƙa bi da cinikinka ta asusun da ka ci bashi da shi.

Ka yi kwafi biyu, ka kai da kanka, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. In jami'i ya ce maka da baki “kada ka damu, an gama”, ka gode masa, amma ka sani har sai an ba ka sabuwar takardar yarjejeniya ka sa hannu, tsohon tsari ne yake aiki, tara tana hawa. Ka ci gaba da zuba abin da ka yi alkawari ko da amsa ba ta fito ba. Ka kuma je ka sami wanda ya tsaya maka kafin banki ya kira shi, domin galibi sai ya sake sa hannu. Nawa a bakin jami'in banki ya fara ji, kuma an daɗe kafin gaisuwarmu ta koma yadda take.

Idan sabuwar takarda ta fito, ka zauna da kalkuleta. Sassauci ba kyauta ba ne. A tsohon tsari ruwan da ya rage mini na wata bakwai 252,000 ne, a sabo kuwa 294,000 ne ban da 36,000 da na riga na zuba. Na yarda da wannan ƙari don jarina ya tsira. Amma da an ci gaba da lissafa ruwan a kan 1,200,000 na farko, da 504,000 zan biya cikin wata 14, kuma layi ɗaya ne a takardar yake bambanta su. Ka tambayi kuɗin sake tsarawa ma. A jadawalin cajin da Babban Banki ya fitar na 2020, na bankunan kasuwanci bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ragowar bashin ba, sau ɗaya. Ka nemi a nuna maka abin da ya shafi irin bankinka a rubuce.

Wanda ya karɓi kaya ta murabaha a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, wato banki ya sayi kayan ya sayar masa bashi da ɗora ribarsa, lissafinsa daban ne. An riga an yanke farashin kayan da ribar banki tun ranar ciniki, kuma a ƙa'ida ba a ƙara shi don an ƙara lokaci. Shi abin da zai roƙa kawai a raba ragowar zuwa watanni masu yawa. Ni da na san wannan tun farko, da can na nufa, ko don in kuɓuta daga maganar cin kuɗin ruwa da malamai suke ta jan kunnenmu a kanta.

Akwai kuma lokacin da ƙarin wata ba zai yi magani ba. Da lissafina ya nuna abin da yake rage mini bai kai ko 21,000 na ruwa ba, da tsawaita biyan bashin kawai zai ƙara kumbura shi. A irin wannan hali wasiƙar wata iri ce: ka nemi a tsayar da tara, a faɗa maka a rubuce adadin da za a karɓa a rufe bashin baki ɗaya, a kuma ba ka wa'adin wata biyu ko uku ka sayar da firiza ko babur ko fili da kanka, a farashin kasuwa, kafin a kai ga yin gwanjon abin da ka jinginar.