Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ledoji 120 a Bayan Ɗaki

A makon jiya na tsaya inda muka tare a gidan da ke can ƙarshen gari, inda falwayar wuta ta ƙare tun kafin a iso mu. Ba aiki a hannuna, ba kuɗin kama shago, wayata kuma sai na hau tudu take samun sabis. Dare da yawa na kwana ina lissafin abin da mutum zai yi da hannunsa kawai. Na yi tunanin wasa wuƙaƙe, amma gidajen unguwar ba su kai a ci abinci da su ba. Na yi tunanin kiwon kaji, sai dai kaza tana ci kullum kafin ta ba ka komai. Tura ruwa kuwa bayana ba zai ɗauka ba.

Abin da na lura da shi shi ne, duk wanda ya yi sabon gini a gefen gari, fili fetal yake tarewa, ba inuwa ko ta tsayuwa. Kowa yana son bishiya, amma ba mai zaman renonta daga ƙwaya. Ni kuma ina da fili a bayan ɗaki, da rijiya kusa, da lokaci. Sai na ce bari in reni dashe in sayar.

Na tsinto ledojin ruwan sha da aka yar, na yanke bakinsu, na cika 120 da ƙasa da kashin awaki da na kwaso ɗanye daga turke. Na shuka zogale da gwanda, na jera su a lungun katanga inda rana ba ta leƙawa, ina ba su ruwa sau uku a rana saboda tsabar so. Zogalen ya fara ɓullowa cikin kwana goma, gwandar ta biyo baya a mako na uku. Ranar da na ga layin koren nan, na kira maiɗakina ta zo ta gani kamar an yi mana haihuwa.

Bayan 'yan kwanaki suka fara kwanciya. Da safe sai in tarar da biyar sun faɗi, gobe goma. Ganyen yana nan kore shar, amma tsiron a kwance. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa. Kafin mako ya zagayo, 31 suka rage.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aiki a gandun renon itatuwa kafin ya ajiye. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah a zo a duba mini, dashena na mutuwa." Ya tsuguna, ya ciro ɗaya, ya kawo shi dab da idona. Daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke kamar zare, ya yi duhu, ya yi laushi. Ya ce, "Ɗana, ka ga nan? Wanda ƙishi ya kama ganyensa ke fara yaushi, in ka ba shi ruwa ya miƙe. Wannan daga wuya ya ruɓe. Ruwa ne ya kashe shi." Ya ɗaga ledar, ya juya gindinta: ko huji ɗaya babu. Ya matsa, ruwa mai wari ya tsiyayo ta baki.

Ya bayyana mini cewa wata irin fumfuna ce da ke zaune a ƙasa, tana samun ƙarfi inda danshi ya yi yawa, iska ba ta ratsawa, rana ba ta shiga. Wanda ta kama ba ya tashi. Sai dai a cire shi da ƙasarsa a kai nesa, a rage wa sauran ruwa, a fitar da su sarari. Ɗanyen taki kuma yana da zafi, yana ƙona saiwa tun tana jaririya.

Da shi muka sake sabon lale, kuma yadda ya koya mini ne nake yi har yau. Ƙasa kashi biyu ta sama-sama, ba jar ƙasar rami ba, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a tankaɗe a gauraya. Takin da ya nuna, in ka cusa hannu cikin tarinsa ba ɗumi, warinsa na ƙasa ne, yana marmashewa. Gwajin haɗin kuwa mai sauƙi ne: ka jiƙa kaɗan ka dunƙula. In ya dunƙulu, kuma ka taɓa shi da yatsa ya watse, ya yi. In ya maƙale kamar na maginin tukwane, ƙara yashi. Kowace leda na huda mata huɗu zuwa shida a gindi da ƙusa.

Kafin in zuba iri, sai da ya sa na naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma. Takwas suka tsaga, ya ce irin na da rai. Da uku ne, da na nemi wani, ban ɓata mako biyu ina jiran ledojin banza ba. Zogale zurfin gaɓar yatsa ake binne shi, kusan santimita 2. Irin gwanda sai an murje yauƙin da ke jikinsa an shanya a inuwa, domin yauƙin nan yana hana shi tsira da wuri.

Wannan karon ledoji 300 na jera, a layi mai faɗin mita ɗaya don hannuna ya kai tsakiya daga kowane gefe, ƙarƙashin rumfar ciyawa shara-shara wadda rana ke ɗigowa ta cikinta. Na kewaye da ƙaya, don akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu kafin ka ɗebo guga. Ruwa da gwangwanin da na huda nake yayyafawa, kuma sai na tsoma yatsa na ji saman ya sha iska. A kwanakin zafi jarka uku mai lita 20 nake ja musu kowace rana. A nan iyakar sana'ar take, kuma gara in faɗa: wanda zai sayi ruwa ko ya yi tafiya mai nisa kafin ya samo, wannan ba tasa ba ce. Yawan dashenka yawan ruwan da za ka iya ɗauka ne a ranar da ka fi gajiya.

Abu biyu suka rage da ban taɓa tunaninsu ba. Saiwa tana bi ta huji ta kama ƙasa, don haka duk mako biyu nake ɗaga ledojin in sauya musu wuri, in datse wadda ta leƙo. In ka bar ta, ranar sayarwa za ka fizge, dashen ya je gidan mutane ya mutu, sunanka ya ɓaci. Sannan mako biyu kafin su fita, na riƙa zare ciyawar rumfa kaɗan-kaɗan ina rage ruwa, su saba da rana.

Baba ya ƙirga mini baya daga faɗuwar damina, kusan mako takwas, domin ba mai sayen dashe sai ƙasa ta jiƙu. Ruwan farko ya sauka ina da 264 a tsaye. Washegari da sassafe wata mata da ta tare a bayanmu ta yi sallama, ta ce, "Malam, an ce kana da gwanda." Ta zaɓi shida, na ɗaure mata a kwali, ta ɗora a ka. Tana fita ta juyo ta tambaye ni ko ina da mangwaro mai aure. Na ce tukuna. Da yamma na koma wajen Baba da wuƙata, ya duba bakinta ya ce in je in wasa ta tukun. Daga nan za mu ɗora a mako mai zuwa.